Tambayoyi da amsoshi kan Clipping Mask da PowerClip: yadda siffa ke ɓoye abin da ya fita wajenta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar dizayin. Na tattara tambayoyin nan ne daga waɗanda ƙannenmu masu koyon aiki suke yawan kawo min, wasu a shago a nan Samaru, wasu ɗalibai ne daga Kongo da ke haɗa filaya da katin biki da laftof ɗinsu a hostel. Yawancinmu a Zariya CorelDRAW muka taso da shi, don haka duk inda na faɗi yadda ake yi a Illustrator zan faɗi na Corel ɗin ma, sai Inkscape ga wanda bai da kuɗin lasisi tunda shi kyauta ne.

Malam, wai shi Clipping Mask ɗin nan me yake yi wa hoto ne, yanke shi yake?

A'a, ba ya yanke komai, kuma idan ka riƙe wannan maganar guda ɗaya to rabin tambayoyin da ke ƙasa kai da kanka za ka amsa su. Ka ɗauki kwali ka huda da'ira a tsakiyarsa ka ɗora a kan hoto. Abin da ke saitin hudar shi kaɗai za ka gani, sauran hoton yana nan ƙarƙashin kwalin lafiyarsa lau, in ka ja hoton gefe sai wani wajen ya leƙo, in ka ɗage kwalin hoton ya dawo gaba ɗayansa. To haka abin yake.

A cikin manhajar abin da ke faruwa shi ne, siffar da ka zana, da'ira ce ko akwati ko tauraro ko harafi, ita layi ce ta lissafi mai ciki da waje. Duk lokacin da manhajar za ta zana hoton a sikirin ko ta tura shi firinta sai ta duba kowane ɗigo, wannan yana cikin layin ne ko yana waje. Na ciki ta zana shi, na waje ta tsallake. Ba ta goge shi daga fayil ba, ƙin nuna shi kawai ta yi. Shi ya sa bakin yankan yake fita tsaf kamar an sa reza ko da ka ƙara girman aikin ya kai na allon talla, saboda bakin ba fiksel ba ne, layin lissafi ne. Amma fa hoton da ke ciki shi har yanzu fiksel ne, zai iya fashewa, za mu zo kan wannan a gaba.

To yaya ake yi? A faɗa min daki-daki

A Illustrator, ka shigo da hoton da File > Place, ka ɗauki Ellipse Tool ka riƙe Shift ka ja da'ira a kan fuskar mutumin, ka tabbata da'irar ce a sama hoton a ƙasa. Ka zaɓe su su biyun tare, sai ka danna Ctrl+7, ko ka bi ta Object > Clipping Mask > Make. Shikenan. In ka buɗe Layers za ka ga sun shiga gida ɗaya mai suna Clip Group, da'irar a sama an ja mata layi a ƙarƙashin sunanta. In kana son raba su Alt+Ctrl+7 ne.

A CorelDRAW sunansa PowerClip kuma tafiyar ta ɗan bambanta. Hoton za ka fara zaɓa shi kaɗai, ka je Object > PowerClip > Place Inside Frame, sai wata baƙar kibiya mai kauri ta fito, ka danna ta a kan da'irar. Masu tsohon Corel irin X3 da har yanzu yana nan a shaguna da yawa, ku duba ƙarƙashin Effects > PowerClip > Place Inside Container, abu ɗaya ne. Ni dai hanyar da na fi bi ita ce in kama hoton da maɓallin dama na maus in ja shi kan siffar in saki, sai in zaɓi PowerClip Inside, ta fi sauri in kwastoma na tsaye a kanka.

Inkscape kuma irin na Illustrator ne, siffa a sama, ka zaɓi duka biyu, Object > Clip > Set Clip.

Na yi Ctrl+7 sai wani saƙo ya fito wai ba zai yiwu ba, ko kuma komai ya ɓace. Me na yi ba daidai ba?

Kusan kullum matsalar waye ke sama ce. Illustrator ba ya tambayarka wanne ne siffa wanne ne hoto, duk abin da ya fi kowa zama a sama cikin abin da ka zaɓa shi yake ɗauka a matsayin mayanki. Idan ka zana da'irar tun farko sannan ka shigo da hoton daga baya to hoton ne a sama, shi kuma hoto ba zai iya zama mayanki ba tunda ba shi da layin lissafi, sai ya turo maka saƙon da ya fara da "Can't make clipping mask". Gyaran ba wuya, ka danna da'irar ka yi Shift+Ctrl+] ta hau sama, ka sake.

Abin da ke ƙara rikita yara shi ne Photoshop akasin haka yake yi, can siffar ce a ƙasa hoton a sama sannan Ctrl+Alt+G. Wanda ya saba da Photoshop in ya shigo Illustrator hannunsa da kansa yake juya abin. Shi kuwa Corel bai damu da wa ke sama ba, tunda kai ne kake nuna masa da kibiya cewa ga inda za a zuba.

Idan kuma ba saƙo amma komai ya ɓace, to duba ko da'irar ma tana kan hoton. In tana gefe can ba abin da ke saitinta, to ba abin da za ta nuna. Danna Ctrl+Y a Illustrator ka shiga Outline, ko View > Wireframe a Corel, nan za ka ga ƙasusuwan aikin duka har da wanda ya ɓuya, kuma don Allah ka mayar da wannan ɗabi'arka, duk abin da ya ɓace maka a nan za ka fara nemansa. A Corel in firem, wato siffar da ka zuba hoton a ciki, ya fito wayam, riƙe Ctrl ka danna shi ka shiga ciki, sau da yawa hoton na can gefe yana jira a jawo shi tsakiya.

Da'irata tana da jan layi a baki da kala a ciki, ina yin Ctrl+7 duk suka tafi. Ina suka je?

Illustrator ne ya cire su da gangan. Da zarar siffa ta zama mayanki sai ya mayar da Fill da Stroke ɗinta None, shi layin kawai yake buƙata. Ko ka yi Release ma kalar ba za ta dawo ba, siffar za ta zauna a wajen ba a ganinta, kuma irin waɗannan siffofin marasa kala su ne ke taruwa a fayil su riƙa kama maus ɗinka kana mamakin me kake dannawa. In kana son baki mai kala, bayan ka gama sai ka zaɓi da'irar ita kaɗai daga Layers ko da Direct Selection Tool ka ba ta Stroke sabo, wannan karon zai zauna. In ka ba ta Fill shi a bayan hoton zai fito, yana da amfani in hoton PNG ne da aka cire masa bango.

A Corel wannan damuwar babu ita, firem yana riƙe kalarsa da layinsa.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan, kaurin Stroke ba ya shiga lissafin yankan. Ka zana layi mai kauri sosai mai lanƙwasa kana son hoto ya bi cikin kaurin, ba zai bi ba, manhajar siririn layin tsakiya take gani, kuma in bakinsa biyu ba su haɗu ba sai ta haɗa su da miƙaƙƙen layi a ranta ta nuna abin da ke tsakani, sai ka ga wani yanka da kai ba ka zana ba. Sai ka fara mayar da kaurin siffa tukuna, Object > Path > Outline Stroke a Illustrator, a Corel kuma Convert Outline to Object.

Ina so in zuba hoton dawakin Hawan Daushe cikin rubutun ZAZZAU, amma harafi ɗaya kawai yake kamawa ko duk ya ɓace

Yawwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace zuwa, bari in ɗan zauna a kanta.

In rubutun naka har yanzu rubutu ne, wato za ka iya sa masa maus ka gyara harafi, to ba ka da matsala. Ka ɗora shi a kan hoton, ka zaɓi duka, Ctrl+7, duk haruffa shidan za su cika da hoton, kuma ko daga baya za ka iya canza salon rubutun ko ka gyara kuskure. A Corel ma Artistic Text yana karɓar PowerClip kai tsaye.

Matsalar tana farawa ne in ka riga ka fasa rubutun, wato Create Outlines, saboda tsoron kada kwamfutar mai firintin ta rasa salon rubutun naka, wanda kuma tsoro ne mai dalili. Yanzu ZAZZAU ba abu ɗaya ba ne, siffofi shida ne. In ka warware su ka zaɓa tare da hoton, Illustrator zai ɗauki na saman ƙarshe kaɗai, a ce U ne, ya mayar da shi mayanki, sauran biyar ɗin kuma ya lissafa su cikin kayan da za a ɓoye, to tunda suna wajen U sai su ɓace tare da sauran hoton. In kuma suna cikin Group sau da yawa sai ka ga fili fetal. Maganin shi ne ka zaɓi haruffan shida ka yi Ctrl+8, wato Object > Compound Path > Make. Wannan yana gaya wa manhajar cewa duk layukan nan siffa ɗaya ce ko da ba su taɓa juna ba. Sannan ka zaɓe ta da hoton ka yi Ctrl+7. Takwas kafin bakwai, haka nake faɗa wa yara su haddace. A Corel makwafinsa Combine ne, Ctrl+L, a Inkscape kuma Ctrl+K.

Sai ka lura da ramin cikin A. Harafin A layi biyu ne, na waje da ɗan ƙaramin mai kusurwa uku na ciki, kuma haɗin nan na Compound Path ne ke sa manhajar ta san na cikin rami ne, kada hoto ya fito a nan. In ka ga ramin A ya cike da hoto to wani ya yi Release ko Break Apart ya raba su, a sake haɗawa. Akasinsa ma yana faruwa, in ka matse haruffan har Z ya hau kan Z, wajen da suka haɗu zai iya zama rami fari bayan ka haɗa, musamman da Combine na Corel. A nan sai ka narkar da su tukuna, Weld a Corel, Unite na Pathfinder a Illustrator, sannan Ctrl+8.

Shawarata kuma ta ido, rubutu siriri ba ya ɗaukar hoto. In sandar harafin ba ta da faɗi ba wanda zai gane doki ne ko rawani, kala-kala kawai za a gani. Ka nemi salo mai kauri irin Impact ko Arial Black, ka matso da haruffan kusa, kuma ka ja hoton a ciki har kan dokin ko fuskar mahayin ta faɗo kan jikin harafi, kada ta faɗa tsakanin Z da A inda ba a gani.

Bayan na gama, fuskar ba ta zauna a tsakiya ba. Dole sai na warware na sake?

Ko kaɗan. A Illustrator ka danna sau biyu a kai ka shiga ciki, ko Object > Clipping Mask > Edit Contents, ka ja hoton yadda kake so da'irar na nan inda take, ka danna Esc ka fito. A Corel riƙe Ctrl ka danna, ka gyara, ka danna Finish. In kana ƙara girman hoton a ciki ka kama shi ta kusurwa, a Illustrator ka riƙe Shift, don kada fuskar amarya ta miƙe ko ta baje, wannan ko daga nesa ana gane shi kuma shi ne abin da ya fi saurin sa a dawo maka da aiki. Sababbin Corel suna da Fill Frame Proportionally, shi yana cika firem ba tare da ya lalata fuska ba, amma Stretch Contents to Fill Frame ka bar shi sai dai in zane ne ba mutum ba.

In kuma ka ja firem a Corel ka ga ya tafi ya bar hoton a baya, Lock Contents to PowerClip ne aka kashe, ka mayar da shi.

Oga, a sikirin hoton ya yi kyau cikin da'irar, da aka buga sai fuskar ta fito dishi-dishi amma bakin da'irar tsaf. Laifin mai firinta ne?

Yawanci ba laifinsa ba ne, kuma wannan alamar da ka faɗa, baki tsaf ciki dishi-dishi, ita ce shaidar. Bari mu yi lissafin da misali irin wanda muke samu kullum.

A ce an kawo maka aikin fostar walimar saukar Alƙur'ani, ana son fuskar yaron cikin da'ira mai faɗin santimita 12. Hoton da waya aka ɗauka, fiksel 4000 a faɗi 3000 a tsaye, kai ka ji lamba babba ka ce ai ya wadatar. Amma hoton na taro ne, yaron na tsaye cikin 'yan ajinsu, daga hularsa zuwa ƙirjinsa bai wuce fiksel 900 ba. To abin da zai cika da'irar ba 4000 ba ne, 900 ɗin nan ne, sauran duk suna ɓoye ba su da amfani ga bugun. Santimita 12 inci 4.72 kenan, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ka raba 900 da 4.72, ka samu wajen 190 a kowane inci. Abin da ake so ga aikin da za a riƙe a hannu a duba shi ne 300. 190 zai wuce in fosta ce ta bango, ba za a yi kuka ba, amma ba zai yi kaifi ba. In kana son 300 cif, ko dai da'irar ta dawo inci 3, wato kusan santimita 7.6, ko a samo hoton da fuskar ta kai fiksel 1417 ko sama.

Yanzu ka ƙara wannan, kwastoma ta WhatsApp ya turo a matsayin hoto, shi kuma yana matse hoto kafin ya iso. A ce 4000 ɗin ya dawo 1600, to 900 ɗin yaron ya dawo 360 kenan. 360 a raba da 4.72, wajen 76. Wannan ba makawa zai fashe, za ka ga idanu sun narke, aikin zaren hula ya zama taɓo. A sikirin ba ka gani ba saboda kana kallon fostar gaba ɗaya a ƙanƙance. Don haka ka roƙi kwastoma ya sake turowa a matsayin Document, ko ya zo da wayar a ciro da kebul. Kuma kafin ka tura bugu ka shiga cikin da'irar ka danna hoton, Illustrator yana nuna PPI, wato yawan fiksel a kowane inci, a sandar sama, Corel kuma yana nuna dpi a sandar ƙasa, lambar da ka gani bayan ka gama ja da ƙara girma ita ce ta gaskiya. Bana ta fileks da za a rataya a bakin titin PZ ko Kwangila ita ba ta buƙatar 300, daga nesa ake kallonta, amma katin biki da kalanda da shirin taro a hannu suke.

In katin hoto ne ya cika shi har baki, girman siffar daidai girman katin zan yi?

A'a ka ƙara mata. Mai yankan takarda ba ya taɓa sauka daidai kan layi ɗari bisa ɗari, in siffarka ta tsaya daidai bakin katin to kaucewar rabin milimita ma za ta bar farin zare a gefe. A ƙara milimita 3 kowane gefe. Katin A5 milimita 148 ne da 210, to akwatin da za ka zuba hoton ya zama 154 da 216, kuma ka shiga ciki ka tabbata hoton ya kai har bakin sabon akwatin, ba akwatin kaɗai ya girma ba.

Me ya sa fayil ɗina ya yi nauyi haka alhali ƙananan hotuna ne a ciki?

Ƙanana ne a ido, a fayil manya ne. Koma kan hoton yaron nan, fiksel miliyan 12 ne gaba ɗaya, abin da kake nunawa 900 sau 900, wato dubu 810, bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Sauran kashi 93 ɗin fayil na ɗauke da su. Hoto irin wannan in manhaja ta buɗe shi yana cin wajen megabait 36 a ƙwaƙwalwar kwamfuta ko da JPG ɗinsa ƙarami ne, to ka yi kalandar ƙungiya mai mutum 12 kowa da irin hotonsa, ka haura megabait 400 kenan, laftof mai ram 4 sai ta fara ja, Save ya ɗau lokaci, ga wuta da za a iya ɗaukewa kana tsaka da shi, ga data in za ka tura.

Abin da nake yi shi ne in rage hoton kafin in zuba shi. In yanke shi da gaske zuwa akwatin da ya ɗan fi da'irar girma, in bar ɗan sarari kowane gefe saboda ko kwastoma zai ce a matsa, sannan in sa shi cikin da'irar. Illustrator yana da Crop Image tun 2017, shi yana zubar da fiksel ɗin da gaske amma akwati kawai yake yankawa, Corel ma yana da Crop tool. Asalin hoton kuma ka ajiye shi a folda daban, domin wannan yankan ba ya dawowa bayan ka rufe fayil.

Akwai wasu mutane a hoton da ba a so a gani, na ɓoye su. Shikenan ko?

A nan ina so ku ji ni da kyau domin maganar amana ce. In JPG ko PNG ka fitar ka tura, shikenan, abin da ake gani kaɗai ya tafi. Amma in ka ba da fayil ɗin AI ko CDR ko SVG, duk wanda ya buɗe ya danna Release ko Extract Contents zai ga hoton gaba ɗaya, kuma PDF ma sau da yawa yana tafiya da cikakken hoton a ciki, ana buɗe shi a Illustrator ko Inkscape a ciro. Ka tuna irin hotunan da ake ba mu, hoton amarya a cikin ɗaki da 'yan uwanta mata ba mayafi, ko hoton da takardar wani ko lambar motarsa ta fito a gefe. Mutane sun ba ka ne a kan fuskar mutum ɗaya za a gani, kai kuma fayil ɗin zai bi filasha ya zauna a kwamfutar wani shago da ba ka san masu taɓa ta ba. Ga ma yadda abin yake a cikin SVG, ka gani da idonka:

```
<clipPath id="daira">
  <circle cx="60" cy="60" r="60"/>
</clipPath>
<image href="hoto.jpg" width="400" height="300" clip-path="url(#daira)"/>
```

Ka ga hoton na nan da cikakken girmansa, ɗan guntun clip-path ɗin nan kaɗai ke tsare shi, wanda ya goge shi da Notepad ma ya ga komai. Don haka irin wannan hoton a yanke shi da gaske tun farko, ko bayan an gama a yi kwafi a mayar da shi hoto ɗaya, Object > Rasterize a Illustrator, Bitmaps > Convert to Bitmap a Corel, a sa 300 a zaɓi bango Transparent.

Zan iya sa bakin hoton ya narke a hankali ya shige cikin bango?

Da Clipping Mask a'a. Shi amsa biyu ya sani, ciki ko waje, ba tsaka-tsaki. Narkewa aikin Opacity Mask ne, yana cikin Transparency a Illustrator, can fari yana nunawa, baƙi yana ɓoyewa, toka-toka yana nuna rabi, sai ka ɗora Gradient daga fari zuwa baƙi. A Corel Transparency tool za ka ɗauka, a Inkscape Object > Mask. Haka nan gashi ko bakin mayafi mai raga ko gezar rawani, kada ka wahalar da kanka kana bin su da Pen Tool, za su fito kamar an yanka da almakashi, a cire bangon a Photoshop ko GIMP a kawo PNG.

Na kai aikin sitika wajen mai na'urar yanka, sai wuƙar ta riƙa yanka layukan da ni ban gani a dizayin ɗin ba

To ai suna nan, ɓoye su ka yi. Firinta tana buga abin da ake gani, amma na'urar yankan sitika da ta leza layi suke bi, kuma manhajojinsu da yawa ba ruwansu da cewa ka ɓoye wani sashe. A ce ka zana ratsi-ratsi dogaye ka zuba su cikin da'ira don tambarin da za a manna a gilashin shago ko bayan Keke Napep, wuƙar za ta bi kowane ratsi tun daga farkonsa har ƙarshe, ta wuce da'irar ta ɓata leda. Kafin ka kai, shiga Outline ko Wireframe, abin da ka gani a nan shi wuƙa za ta bi.

Irin wannan aikin yankan gaske yake so. Ka yi kwafin aikin ka ajiye gefe tukuna. A Illustrator ka yi Release, in ratsin Stroke ne ka yi masa Outline Stroke domin Crop na Pathfinder yana zubar da Stroke, ka tabbata da'irar na sama, ka zaɓi duka ka danna Crop a Pathfinder, sannan ka share ragowar siffofi marasa kala da yake bari, Object > Path > Clean Up yana taimakawa. A Corel ka yi Extract Contents, ka yi Weld ɗin ratsin su zama abu ɗaya, ka zaɓe su da da'irar ka danna Intersect, ka goge na asalin. Ka sake duba Wireframe, in ba layin da ya leƙa wajen da'irar to ka kai. Wannan na zanen layi ne kawai, hoton kyamara shi Pathfinder ba ya yanka shi, in sitika mai hoto ce da za a buga sannan a yanke, sai ka bar hoton cikin siffar da ta fi layin yanka girma da milimita 2 ko 3, layin yankan kuma ka ajiye shi shi kaɗai a leya daban, ka tambayi mai na'urar wane suna ko wace kala yake so a ba layin tun kafin ka baro shago.